Katangar Alhaji Sada

Alhaji Sada ɗan kasuwar hatsi ne, a Funtua yake da rumfa, amma yawancin masarar da yake sayarwa daga ƙauyukan Bakori take fitowa. Ya daɗe yana neman inda zai riƙa tara ta kusa da gonaki, don haka da ya ji magadan marigayi Malam Mahadi za su sayar da kangonsu na bakin titi a Bakori, bai yi wata-wata ba. Aka yi ciniki a gaban mai unguwa, dagaci ya sa hannu, kafin rani ya ƙare har magina sun tayar masa da sito mai rufin kwano, sun kewaye filin duka da katangar bulo. Ba ƙaramin daɗi ya ji ba ranar da aka gama yaɓe. Ya zaga ta ciki da waje yana shafa ta da tafin hannu, ko ramin da ɓera zai sa kai babu.

Bayan katangar, ta wajen tudu, gidan wata dattijuwa ne, Gwaggo Shafa'atu. Mijinta ya rasu da jimawa, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe gidan har 'ya'yanta suka kawo ƙarfi. Gidan na ƙasa ne, ƙofarsa na kallon lungu, amma tana da wata 'yar ƙofa ta baya da take ratsa kangon ta fita titi. Ruwan gidanta kuwa, da na gidajen da ke samanta, idan an yi sama ta rariyar bayan gidanta yake fita, ya bi ta gefen kangon ya faɗa kwatar bakin titi.

Ita da kanta ta same shi a ƙofar sito, wata ranar kasuwa da hantsi. Suka gaisa, ta yi masa barka da gini, ta sa albarka.

"Sai dai Alhaji, maginanka sun toshe mana hanyar ruwa," in ji ta. "Sun kuma rufe mini ƙofar baya. Na ce gara in faɗa maka tun hadari bai fara ba."

"Gwaggo, fili na saya, iyakarsa aka nuna mini, a kanta na ɗora gini. Ko taku ɗaya ban ci na kowa ba."

"Ai ban ce ka ci ba. Ƙasar taka ce. Amma ruwan nan tun ina amarya ta nan yake bi."

Ya yi mata bayani a tsanake, don shi a ganinsa ba mugunta yake nufi ba. Hatsi zai ajiye. In ya bar rami a katanga danshi zai shiga, ɓeraye su shiga, gara ta biyo baya. Me zai hana ta tona wa ruwan wata hanya ya fita ta lungu?

Ta dube shi kamar mai tausayinsa. "Lungun ya fi tsakar gidana tudu, Alhaji. In ka iya sa ruwa ya hau sama, zo ka gwada mini."

Maganar ta yi masa zafi, don 'yan dako na tsaye suna ji, har wani ya yi dariya. Daga ranar ya ƙudurta ba zai fasa ko bulo ɗaya ba.

Mai unguwa Haladu ya kira su zaure, ya yi ta lallashi. Ya ce Alhaji ya bar 'yar kafa a gindin katanga, maƙwabtaka ta fi ƙarfin wannan. Alhaji Sada ya ce zai yi tunani. Aka je gaban dagaci, nan ma ya ce zai yi tunani. Yana cikin tunanin damina ta sauka. Ruwan farko ya kwanta a tsakar gidan Gwaggo har ya shanye da kansa. Na biyu ya kwana. Ta aiko masa, ya ce yana Dandume wajen saye.

Cikin watan Agusta aka wayi gari da ruwa, bai tsagaita ba sai bayan azahar. Yana rumfarsa a Funtua mai gadin sito ya bugo masa waya: ya zo yanzu, samarin unguwa sun taru da diga za su rushe katanga.

Ya hau babur ya taho, ransa a ɓace, yana shirya wanda zai kira a ofishin 'yan sanda. Ya bi ta lungu don ya tare su ta baya. Tun daga zauren Gwaggo ya fara taka ruwa, da ya leƙa tsakar gida sai ya ga ya kai gwiwa, ja wur, kwanuka da tabarmi suna yawo a kai. Ɗakin da take suya a ciki, wanda ke jingine da kusurwar katangarsa, ya zauna gaba ɗaya, azara sun miƙe cikin laka kamar haƙarƙari. Zubair, babban ɗanta, yana gaba riƙe da diga, samari a bayansa.

Ita kuma tana tsaye tsakaninsu da katangar, zaninta a jiƙe sharkaf, ta jingina bayanta da bulon.

"Zubairu, ajiye."

"Inna, gidan zai faɗo mana duka!"

"Ku ɗauki bokitai ku kwashe zuwa lungu. Wanda ya taɓa katangar nan ban yafe ba. In kuka fasa yau, gobe mu ne masu laifi, kai za a rufe, maganar ruwa ta mutu. Shi ya gina, shi zai fasa da hannunsa, kuma alƙali ne zai ce masa ya fasa."

Sai a lokacin ta hango Alhaji Sada a bakin zaure. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, sannu da zuwa. Ka gani dai da idonka. Ka saurari sammaci."

Samarin suka ajiye diga suka kama bokitai. Ya tsaya shi kaɗai da wayarsa a hannu, babu wanda zai kira, babu abin da zai ce an yi masa. A hanyar komawa yana ta gaya wa kansa cewa ɗakin ƙasa ne, tsoho, ko ba katanga zai faɗi. Amma hoton matar nan cikin ruwa, tana kare katangar da ta rusa mata ɗaki, ya ƙi barin idonsa.

Sammaci ya iso daga kotun shari'a. Abokansa na kasuwa suka ce ya ɗauki lauya, ya ce maganar ba ta kai nan ba, da bakinsa zai kare kansa. Ranar zaman farko Gwaggo ta riga shi zuwa, tana zaune a benci cikin mayafi ruwan toka. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, kamar a gidan suna suka haɗu.

Alƙali, wani dogon mutum mai magana a hankali, ya ce ta faɗi da'awarta. Ta miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, abu uku nake nema. Ya buɗe hanyar ruwa. Ya buɗe mini hanyar da nake bi in fita titi. Ya kuma tayar mini da ɗakin da ruwan ya kayar."

"Kina da'awar ya shiga filinki?"

"A'a. Katangarsa a kan iyakarsa take."

Alhaji Sada ya musa duka ukun. Alƙali ya ce to, kawo shaida a kan mai ƙara yake. Kafin nan ya tambaye su ko za su koma su yi sulhu, don ya fi alheri tsakanin maƙwabta. Gwaggo ta ce an yi zama biyu, ƙofarta kuma har gobe a buɗe take. Alhaji Sada ya ce a ci gaba da shari'a.

A zama na gaba ta kawo mai unguwa Haladu da wani tsoho, Malam Ubaidullahi, wanda aka haifa a lungun. Dukansu suka shaida cewa tun suna yara ruwan gidajen tudu ta gefen kangon yake bi, Malam Mahadi bai taɓa hanawa ba, har duwatsu ya jera a wurin don kada ruwan ya ci masa ƙasa. Alƙali ya ba Alhaji Sada dama ya soki shaidun in yana da abin suka. Ya duba, ya rasa.

Da aka zo maganar hanya kuwa, sai Malam Ubaidullahi ya gyara zama ya ce gaskiya wannan daban ce. Marigayi alfarma ya yi wa gidan. Duk shekarar da ya shuka kuɓewa a kangon, da ƙaya yake rufe wurin, su zaga ta lungu har a cire amfani.

Alƙali ya juya wajenta. "Haka ne?"

Zubair na daga baya yana girgiza mata kai. Ba ta ko kalle shi ba.

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam. Na ɗauka daɗewar da muka yi muna bi ta zama haƙƙi. In ba ta zama ba, shi ke nan."

Alƙali ya ce sai ya je ya gani da ido. Lokacin damina ta ja baya, ƙasa ta bushe, Alhaji Sada ya yi zaton ba abin da za a gani. Suka zo da hantsi, alƙali da magatakarda da magina biyu da kotu ta zaɓa a matsayin masana, Awaisu da wani. Alƙali ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya zaga gidan, ya fita lungu, ya dawo. Sa'an nan ya sa aka kira 'yan garuwa da kura biyu, ya ce su juye jarkokin a bakin zaure ta ciki. Jama'a suka matso suna kallo. Ruwan ya ɗan yi jim, ya juya wa lungu baya, ya ratsa tsakar gida ya bi ta rariya, ya je ya tsaya a gindin bulon Alhaji Sada ya fara taruwa.

"Alhaji, ka gani?" in ji alƙali.

"Na gani."

Maginan suka tona gindin ɗakin da ya faɗi, suka murza ƙasar a hannu. Da aka koma kotu, Awaisu ya shaida cewa ruwan da ya kwanta ne ya cinye gindin ginin. Ɗayan ya ce shi ba zai iya yankewa ba, gini ne tsoho, yana iya zama ruwan, yana iya zama shekaru.

Alƙali ya yi wa Gwaggo bayani. A kan ɗaki shaida ɗaya take da shi. A maganar dukiya, shaida ɗaya na isa in mai ƙara ya cika da rantsuwa. In ta yi alwala ta rantse da Allah cewa katangar ce ta kayar mata da ɗaki, za a hukunta wa Alhaji ya gina.

Alhaji Sada ya sunkuyar da kai. Ya san an gama. Wa zai ga laifinta? Shi kansa ya ga ruwan.

Gwaggo ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba zan rantse ba."

"Inna!" Zubair ya miƙe, ɗan sandan kotu ya zaunar da shi.

"Ɗakin yana da tsaga tun bara, daga sama har kusan rabi. Na yi niyyar yaɓe ban samu yi ba. A zuciyata na fi zaton ruwan ne, don ba wannan ce daminarsa ta farko da tsagar ba. Amma zato nake, ban sani ba. Ba zan dafa Alƙur'ani a kan zato ba saboda ɗakin suya."

Ba wanda ya san da tsagar nan. Ɗakin ya riga ya zama tarin ƙasa, maginan ma ba su gano ta ba. Alhaji Sada ya ɗago ya dube ta. Fuskarta na nan yadda take, ba ta nuna ta yi wani abin kirki ba, hasali ma kamar haushin kanta take ji.

Alƙali ya rubuta, sa'an nan ya juyo.

"Alhaji Sada, tunda mai ƙara ta ƙi, rantsuwa ta dawo kanka. In ka rantse ba katangarka ce ta kayar da ɗakin ba, da'awar ta faɗi. In ka ƙi, ginin na wuyanka. Ga buta can."

Ya dubi butar a bakin ƙofa. Hanya a buɗe take, ita da bakinta ta ba shi hujja. Tsoho ne ginin, ga tsaga, ga magini ɗaya da ya ce bai sani ba. Watanni ke nan yana maimaita wa kansa wannan maganar, a rumfa, a kan babur, a wurin cin abinci. Yanzu da aka ce ya faɗe ta da alwala, sai ya ji ba ta da nauyin da yake zato. Ya tuna saƙon da ta aiko masa ya ce yana Dandume, alhali yana Funtua. Ya tuna kwanukan da ke yawo a kan ruwa. In ita da ta yi asara ba ta iya rantsewa a kan abin da ta fi zato ba, shi a kan me zai rantse?

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "ni ma ba zan iya ba."

Wani ya yi salati a baya. Alƙali bai nuna mamaki ba. Ya tambayi kowannensu ko akwai sauran magana ko hujja kafin ya yanke hukunci. Suka ce babu. Sai ya karanta.

Hanyar ruwa tsohuwa ce, ta tabbata da shaidu biyu da abin da kotu ta gani. Wanda ya sayi fili, da ita ya saya, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya yi abu a cikin mulkinsa da zai cutar da maƙwabci ba. Alhaji zai fasa gindin katanga ya gina magudana har kwatar titi, gwargwadon faɗin da maginan kotu suka auna. Yana da damar rufe ta da silab na siminti ya sa ragar ƙarfe a baki saboda hatsinsa, muddin ruwa zai wuce. Hanyar ƙafa alfarma ce, ba ta zama haƙƙi ba, gidan kuma yana da ƙofarsa, don haka an kori wannan. Ɗaki kuwa yana kan Alhaji tunda ya ƙi rantsuwa. Wanda bai gamsu ba yana da kwana talatin ya ɗaukaka ƙara.

A waje Zubair yana ta yi wa uwarsa mita a kan hanyar da suka rasa. Ta ce masa ƙafafunta ne za su zaga, ba nasa ba. Da Alhaji Sada ya zo wucewa ya tsaya a gabanta.

"Gwaggo, da kin yi shiru a kan tsagar nan..."

"Da na yi shiru da na samu ɗaki ina tsoron kwana a gidan. Ka dai turo magina da wuri, gyaɗa ta fara shigowa."

Bai ɗaukaka ƙara ba. A kasuwar Funtua aka yi ta tsokanarsa, wai mai ƙuli-ƙuli ta kayar da shi. Da farko yana kauce wa zancen, daga baya sai ya zama shi ke ba da labarin, yana tsayawa a wurin rantsuwar ya ce, "Ku dai ba ku ga matar nan ba." Ranar fasa katanga shi ya karɓi guduma ya fara bugu kafin ya miƙa wa Awaisu. Gwaggo ta fito da kujera ta zauna a kan aikin tun safe. Ba ta ɗaga musu ƙafa ko kaɗan ba: ta sa an sake gangaren magudanar da ta ga bai yi mata ba, da Alhaji ya ce zai yi mata ɗakin da bulo kuma ta ce a'a, na ƙasa ya faɗi, na ƙasa za a mayar, bulo zafi gare shi ga mai suya.

Da kaka ta kama sosai, masara ta fara shigowa da totuwarta, Alhaji Sada ya yi hayar injin casa aka kawo shi cikin harabar sito. Mai injin ya ɗaura bel zai tayar, Alhaji ya ce ya dakata. Ya zaga ta lungu ya yi sallama a zauren Gwaggo. Ta fito hannunta duk mai.

"Gwaggo, inji na kawo. Yana da ƙara, yana da ƙura. Na ce in ji daga bakinki kafin a kunna."

Ta ce ya shigo tsakar gida, ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga, ta ga inda aka girke injin.

"Ka matsar da shi can wajen titi, ƙaiƙayin zai faɗa mini cikin mai. Kada a tayar sai yara sun tafi makaranta, in an kira magariba a kashe. Gidan Malam Ubaidullahi kuma akwai mai jego, ka leƙa ka gaya musu."

"To, Gwaggo."

"Totuwar fa, me za ka yi da ita?"

"Zubarwa ake yi."

"Kada a zubar. A turo mini, itace ya yi tsada."

Ya koma ya sa 'yan dako suka ciccibi injin zuwa bakin titi, sa'an nan ya wuce gidan Malam Ubaidullahi.